Tambayoyi da amsoshi kan kasafin ƙera kaya da kasafin sayen ɗanyen kaya

Waɗannan tambayoyi ne da masu ƙananan masana'antu, akantocinsu da ɗaliban lissafin kuɗi suke yawan maimaitawa idan aka zo tsara kasafi. Misali ɗaya ake bi tun daga farko har ƙarshe: ƙaramin kamfanin roba irin waɗanda ke Sharaɗa ko Challawa a Kano, wanda yake buga butoci yana sayar wa diloli dozin-dozin. Alƙaluman kamfanin duk na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya fito sarai, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu.

1. Mene ne waɗannan kasafi biyu, kuma wanne ake fara yi?

Kasafin ƙera kaya yana faɗa maka dozin nawa ya kamata injinka ya fitar a kowane wata. Kasafin sayen ɗanyen kaya kuma yana faɗa maka kilo nawa na roba za ka sayo a kowane wata, da kuɗin da zai ci. Na farkon ba ya maganar naira ko kaɗan, adadin kaya kawai yake ƙirgawa. Sai an zo na biyun ne kuɗi yake shigowa, shi ma a layin ƙarshe.

Jerin ba ya sauyawa. Hasashen ciniki ne a gaba, domin daga abin da ake sa ran sayarwa ake sanin abin da za a ƙera. Daga abin da za a ƙera ake sanin robar da inji zai ci, daga nan kuma ake sanin wadda za a sayo. Wanda ya fara da cewa "bana tirela biyu za mu sauke" kafin ya san butoci nawa kasuwa za ta ɗauka, ya fara ne daga wutsiya.

2. Idan na san abin da zan sayar, me zai hana in ƙera daidai wannan adadin?

Sito ne yake hanawa. Ba a shiga wata da sito fayau, kuma ba a son a fita daga wata da shi fayau. Ranar ɗaya ga wata akwai butocin da suka kwana daga watan da ya wuce, waɗannan ba sai an sake ƙera su ba. Ranar ƙarshen wata kuma ana son a bar wasu a ajiye, saboda dilan da zai zo da mota a satin farko na wata mai kamawa ba zai zauna jiran inji ba. Don haka ƙa'idar ita ce:

```
abin da za a ƙera = ciniki + ragowar ƙarshen wata da ake so − ragowar farkon wata
```

A watan da ake shirin haɓakar kasuwa, ƙera kaya yakan fi ciniki yawa, domin ana cika sito. A watan da kasuwa za ta ja baya bayansa, ƙera kaya yakan gaza ciniki, domin ana cin abin da aka tara. Amsar tambaya ta 3 ta nuna duka biyun da alƙaluma.

3. Yaya lissafin yake a aikace?

A ce kamfanin ya yi hasashen zai sayar da dozin 4,000 a Janairu, 5,000 a Fabrairu, 6,000 a Maris saboda azumi ya faɗo a lokacin, sannan 4,500 a Afrilu da 4,000 a Mayu. Dokar kamfanin ita ce a rufe kowane wata da kaya a sito daidai kashi 20 cikin ɗari na cinikin wata mai zuwa. A kula da kalmar "mai zuwa". Ragowar ƙarshen Janairu tana kallon cinikin Fabrairu ne, domin Fabrairu za ta yi wa hidima: kashi 20 na 5,000, wato 1,000. Ta ƙarshen Fabrairu kashi 20 na 6,000 ce, wato 1,200. Ta ƙarshen Maris kashi 20 na 4,500 ce, wato 900. An kuma shigo Janairu da dozin 800 da suka kwana daga Disamba.

A Janairu ana buƙatar 4,000 na sayarwa da 1,000 na ajiya, jimla 5,000. A cire 800 da ke sito, sai a ƙera 4,200. Ragowar ƙarshen Janairu ita ce ta farkon Fabrairu, haka ake ta miƙawa daga wata zuwa wata:

| | Janairu | Fabrairu | Maris | Wata uku |
|---|---|---|---|---|
| Ciniki | 4,000 | 5,000 | 6,000 | 15,000 |
| A haɗa ragowar ƙarshe | 1,000 | 1,200 | 900 | 900 |
| A cire ragowar farko | 800 | 1,000 | 1,200 | 800 |
| Abin da za a ƙera | 4,200 | 5,200 | 5,700 | 15,100 |

Dubi Maris. Shi ne watan da ciniki ya fi yawa, amma abin da za a ƙera ya gaza cinikin da dozin 300, saboda Afrilu ba ta buƙatar ajiya mai yawa kamar yadda Maris ta buƙata. Nauyin azumi ya riga ya fara hawa kan inji tun Janairu da Fabrairu.

4. Me ya sa a layin wata uku ragowar ƙarshe ta zama 900, ba jimlar watannin ba?

Domin ragowa ba abu ne da ake tarawa ba, hoton sito ne a rana guda. Ciniki da ƙera kaya ana haɗa su, tunda abin da aka sayar a Janairu daban yake da wanda aka sayar a Fabrairu. Amma dozin 1,000 da suka kwana a ƙarshen Janairu an sayar da su a Fabrairu, babu su a ƙarshen Maris. Don haka a layin wata uku, ragowar farko ita ce ta ranar 1 ga Janairu, 800, ragowar ƙarshe kuma ita ce ta ranar 31 ga Maris, 900.

Wanda ya tara layukan biyu duka zai samu 3,100 da 3,000, kuma amsarsa ta ƙarshe za ta zo daidai, 15,100, shi ya sa kuskuren yake daɗewa ba a gano shi ba. Amma ranar da wani ya ɗauki wannan 3,100 ya yi lissafin darajar kayan sito da ita, ko ya nemi hayar sito a kanta, za a ga ɓarnar. Idan kuwa layi ɗaya aka tara aka bar ɗayan, amsar za ta haura ko ta gaza da dubban dozin. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: haɗa 4,200 da 5,200 da 5,700, dole su ba ka abin da layin wata uku ya bayar idan aka bi shi daga sama zuwa ƙasa.

5. Kasafin wata uku nake yi, me ya sa ake neman hasashen wata biyar?

Saboda kowane mataki yana leƙen wata ɗaya a gabansa. Ragowar butoci ta ƙarshen Maris tana buƙatar cinikin Afrilu, wannan wata na huɗu ke nan. Ragowar roba ta ƙarshen Maris kuma tana dogara ne da abin da za a ƙera a Afrilu, ba abin da za a sayar ba. Kafin ka san abin da za a ƙera a Afrilu sai ka san ragowar ƙarshen Afrilu, ita kuma tana buƙatar cinikin Mayu. A misalinmu, kashi 20 na 4,000 shi ne 800, don haka Afrilu za a ƙera 4,500 da 800 a cire 900, wato dozin 4,400. Wannan adadi ba ya fitowa a teburin da za ka kai wa mai kamfani, amma idan babu shi kasafin sayen roba na Maris ba zai kammalu ba. Za a gan shi yana aiki a tambaya ta 7.

6. Yaya ake sanin robar da dozin ɗaya yake ci? Ba auna buta kawai za a yi ba?

Auna buta yana ba ka robar da ta fita ne, ba wadda ta shiga ba. A ce buta ɗaya giram 150 ce, dozin ke nan kilo 1.8. Amma duk wanda ya tsaya kusa da injin hura roba ya san ba duk abin da aka zuba ne yake zama buta ba. Akwai yankakken baki da gindi, akwai butar da ta fito a ɓule ko a karkace, akwai dunƙulen da ake fitarwa idan wuta ta ɗauke roba ta sandare a cikin inji, akwai kuma wadda ake tura wa inji don wanke shi idan za a sauya daga kore zuwa shuɗi. Yawancin yankakken ana niƙa shi a mayar, wannan ba asara ba ce kuma ba a ƙirga shi. Abin da ake ƙirgawa shi ne wanda ba ya dawowa: wanda ya ƙone, wanda ya sha ƙasa da mai, da wanda launukansa suka cakuɗe har aka sayar da shi a matsayin bola.

A ce littafin ma'aikata ya nuna cikin kowane kilo 100 da aka zuba, 90 ne suke zama butar sayarwa. An zaɓi kashi 10 ne don lissafi ya yi sauƙi, kamfanin da wutarsa ba ta yawan ɗaukewa kuma yake aiki da sabuwar roba zai samu ƙasa da haka sosai. To a nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa: a ɗauki 1.8 a ƙara masa kashi 10, a samu 1.98. Ba haka ba ne, domin asarar kashi 10 ce na abin da aka zuba, ba na abin da ya fito ba. Raba ake yi: 1.8 a raba da 0.9, a samu kilo 2 daidai. Bambancin giram 20 ne kacal a dozin, amma a dozin 15,100 ya kai kilo 302, wato buhu goma sha biyu na kilo 25 da ba a sa su a kasafi ba.

Kada a karɓi wannan adadi daga bakin mai kula da inji kawai, ko daga takardar da ta zo da injin. A ɗauki wata biyu ko uku da suka wuce, a raba kilon da ya fita daga siton roba da dozin da suka shiga siton butoci. Idan amsar ta haura abin da ma'auni ya nuna da yawa, ko dai ana ɓarna, ko butar ta yi kauri fiye da yadda aka tsara, ko buhu yana bin wata hanya.

7. To yaya ake haɗa kasafin sayen robar kansa?

Ƙa'idar tambaya ta 2 ce aka maimaita, sai dai yanzu inji ne mai saye, siton roba kuma shi ne shago. Da farko a mayar da dozin zuwa kilo: Janairu 4,200 sau 2, kilo 8,400. Fabrairu 10,400, Maris 11,400, Afrilu kuma 8,800 daga dozin 4,400 da aka samo a tambaya ta 5. Dokar kamfanin a nan ita ce a rufe wata da kashi 25 na robar da inji zai ci a wata mai zuwa. Ƙarshen Janairu kilo 2,600 ke nan, ƙarshen Fabrairu 2,850, ƙarshen Maris 2,200, an kuma shigo shekara da 2,100.

| | Janairu | Fabrairu | Maris | Wata uku |
|---|---|---|---|---|
| Robar da inji zai ci | 8,400 | 10,400 | 11,400 | 30,200 |
| A haɗa ragowar ƙarshe | 2,600 | 2,850 | 2,200 | 2,200 |
| A cire ragowar farko | 2,100 | 2,600 | 2,850 | 2,100 |
| Kilon da za a sayo | 8,900 | 10,650 | 10,750 | 30,300 |

Tunda 'ya'yan roba a buhun kilo 25 suke zuwa, wannan buhu 356 ne a Janairu, 426 a Fabrairu, 430 a Maris. Idan kilo yana kan naira 2,000, Janairu za ta ci naira 17,800,000, Fabrairu 21,300,000, Maris 21,500,000, jimla 60,600,000. Kurakurai biyu ne suke yawan faruwa a wannan tebur. Na ɗaya, a ninka ciniki da kilo 2 maimakon abin da za a ƙera. Na biyu, a cire ragowar butoci daga kilon roba, a haɗa dozin da kilo a layi ɗaya. Rubuta ma'aunin a gefen kowane layi yana maganin na biyun.

8. Me ake sakawa a wannan kasafi, me kuma ake bari?

Abin da yake shiga jikin kayan kuma ake iya auna shi dozin-dozin shi ake sakawa. Roba tana ciki, sinadarin launi yana ciki, ledar da ake ɗaure dozin da ita ma tana iya shiga idan kowane dozin yana cin adadi sananne. Man janareta, girishin inji, safar hannun ma'aikata da kuɗin wuta ba sa ciki, wurinsu kasafin ɗawainiyar masana'anta ne.

Kowane ɗanyen kaya da teburinsa, domin ma'auninsa da farashinsa da dokar ajiyarsa daban. Idan launi giram 40 yake shiga dozin, Janairu kilo 168 kawai za ta ci. Abu mai arhar ajiya irin wannan, wanda rashinsa zai tsayar da inji, babu laifi a ajiye na wata biyu. Farashin da za a sa kuma shi ne na kaya a ƙofar sito, da kuɗin mota da na 'yan dako a ciki, ba wanda dila ya faɗa a waya ba.

9. Daga ina kashi 20 da kashi 25 suka fito? Akwai adadin da ya fi dacewa?

Babu adadin da ya dace da kowa, kuma wanda ya kwafo daga littafi bai yi komai ba tukuna. Hanya mafi amfani ita ce a mayar da kashin zuwa kwanaki. Kashi 20 na cinikin wata kusan cinikin kwana shida ne. Tambayar ita ce: idan inji ya lalace yau, ko wuta ta ƙi zuwa kuma man janareta ya yi wuya, kwana nawa ake ɗauka kafin a dawo aiki? Idan amsar kwana uku ce, ajiyar kwana shida ta wadatar. Idan sai an kira makaniki daga Legas, ba ta isa ba.

A ɓangaren roba, kashi 25 kusan aikin sati ɗaya ne. Wanda yake saye a hannun dila cikin Kano yana iya samun kaya a yini ɗaya ko biyu, sati ɗaya ya yi masa yawa ma. Wanda yake ɗaukowa daga Legas, ko daga masana'antar Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal, sai ya lissafa kwanakin biya, lodi da tafiya, ya ƙara na lalacewar mota da na damina. Ba tsawon tafiyar ne abin tsoro ba, tunda ana iya yin oda da wuri. Abin tsoro shi ne rashin tabbas: motar da wani lokaci takan iso a kwana biyar, wani lokaci a goma sha biyu. Ajiyar tana rufe wannan tazarar ta kwana bakwai ne.

Ajiya mai yawa ita ma tana da farashi. Buta ba ta shiga cikin 'yar'uwarta kamar bokiti ko roba mai faɗin baki, iska ce rabin abin da kake ajiyewa, don haka dozin 1,200 suna cin wuri fiye da yadda ake zato. Idan aka jibge su a fili rana ta buga, launi yana kodewa, dila kuma zai nemi ragi.

10. Idan kasafi ya nemi abin da inji ba zai iya ba fa?

Wannan shi ne babban amfanin yin kasafin da wuri. A ce iyakar abin da injinan ke fitarwa a wata dozin 5,400 ne. Maris ta nemi 5,700, an samu giɓin 300. Fabrairu tana da sararin 200 kawai, tunda 5,200 aka tsara mata, don haka ragowar 100 sai a kai Janairu. Sabon tsari ya zama 4,300, 5,400, 5,400. Jimla ba ta sauya ba, 15,100 ce, ragowar ƙarshen Maris ma tana nan 900. Abin da ya sauya shi ne sito: ƙarshen Janairu zai ɗauki 1,100, ƙarshen Fabrairu kuma 1,500 maimakon 1,200. Kafin a amince, a je a auna ko sito zai ɗauka.

Da zarar an taɓa layin ƙera kaya, dole a sake teburin tambaya ta 7 gaba ɗaya, domin robar da inji zai ci ta matso gaba, kuɗinta ma haka. Sauran hanyoyin su ne ƙarin aikin dare, ko ba wani kamfani ya buga maka da mazubinka, ko a yarda ragowar ƙarshen Maris ta sauka zuwa 600 tunda kasuwar Afrilu ta yi sanyi. A ra'ayinmu wannan ta ƙarshen ba laifi ba ce idan an yanke ta da sani. Iyakar injin da za a rubuta kuma ita ce wadda aka saba samu a aikace, bayan an cire lokutan ɗaukewar wuta da sauya mazubi. A tuna kuma aikin ma'aikata yakan ragu a watan azumi, daidai lokacin da kasafi yake neman fiye da kullum.

11. Ragowar farkon wata, daga littafi zan ɗauko ko daga dokar kashi 20?

Daga ƙirgen da aka yi da hannu a sito. Dokar kashi 20 tana faɗin abin da ake so ne, amma watan farko na kasafi yana farawa da abin da ke ƙasa. A ce littafi ya nuna dozin 800, aka shiga aka ƙirga aka samu 700 masu kyau, 50 sun fashe a ƙasan jibgi, 50 kuma ba a gan su ba. Cikin 700 ɗin ma akwai 50 da dila ya biya bai ɗauka ba, kuma an riga an rubuta su a cinikin Disamba, don haka ba naka ba ne. Ragowar farko ta gaskiya 650 ce. Janairu sai ta ƙera 4,350 maimakon 4,200, robar da za ta ci kuma ta ƙaru da kilo 300. Haka ake yi wa siton roba: buhun da ruwa ya shiga, ko robar da ba irin wadda ake hura buta da ita ba, ba a ƙirga su.

12. Idan hasashen ciniki ya sauya bayan an gama kasafi, me zai motsa?

Ya danganta da lokacin da labarin ya iso. A ce tun Disamba aka ji cewa manyan diloli da ke kai kaya Maraɗi da Damagaram za su rage oda, cinikin Maris zai sauka daga 6,000 zuwa 5,000. Ragowar ƙarshen Fabrairu za ta koma 1,000, abin da za a ƙera a Fabrairu ya zama 5,000, na Maris 4,900. Robar Fabrairu ta sauka zuwa kilo 10,000, kashi 25 nata 2,500 ne, don haka sayayyar Janairu ta koma 8,800 daga 8,900. Sauyi a cinikin Maris ya taɓa abin da za a biya a Janairu, wata biyu kafinsa.

Idan kuwa sai ƙarshen Fabrairu aka ji, an riga an tara dozin 1,200, duk gyaran zai faɗa kan Maris: 5,000 da 900 a cire 1,200, wato 4,700. Inji zai rage dozin 1,000 a wata guda, kuma robar da aka yi oda tana kan hanya. Saboda haka ne ya fi kyau a sabunta kasafin duk ƙarshen wata, a sa ragowar da aka ƙirga, a ƙara wata ɗaya a gaba. Wanda yake gina hasashensa kan cinikin bara kuma ya tuna azumi da sallah suna matsowa da kwana goma zuwa goma sha ɗaya kowace shekara. Cinikin da ya faɗo a Maris bara, wani ɓangarensa a Fabrairu zai faɗo bana.

13. Yaya zan tsara shi a Excel yadda zai gyara kansa?

A sa watanni biyar a layukan tsaye daga B zuwa F. Layi na 2 ciniki, na 3 ragowar ƙarshe, na 4 ragowar farko, na 5 abin da za a ƙera, na 7 robar da inji zai ci, na 8 da na 9 ragowar roba ta ƙarshe da ta farko, na 10 kilon da za a sayo, na 11 buhu. A rubuta 20% a H1, 25% a H2, sai 2 na kilo a H3.

```
B3:  =$H$1*C2
C4:  =B3
B5:  =B2+B3-B4
B7:  =B5*$H$3
B8:  =$H$2*C7
C9:  =B8
B10: =B7+B8-B9
B11: =ROUNDUP(B10/25,0)
```

Sai a ja kowane lissafi zuwa dama; ban da layin ciniki da H1 zuwa H3, B4 da B9 kaɗai ake rubutawa da hannu, daga ƙirgen da aka yi bayani a tambaya ta 11. Layin ƙera kaya yana tsayawa a Afrilu, layin saye a Maris. Idan aka ja su har F za su kalli gurbi mara komai, su ɗauka cinikin gaba sifili ne, su fitar da adadi ƙarami da ba gaskiya ba. Idan wani wata amsar saye ta fito ƙasa da sifili, ba lissafi ne ya lalace ba, robar da ke sito ce ta fi buƙata yawa: a sayi sifili, a gyara ragowar ƙarshen watan ta zama abin da zai rage da gaske.

14. Naira 17,800,000 na Janairu, shi ne kuɗin da zai fita a Janairu?

Sai idan kuɗi hannu ake saye. Kasafin saye yana nuna darajar kayan da za su shigo sito, ba ranar biya ba. Idan yarjejeniya da dila ita ce a biya kashi 60 a watan da aka ɗauka, kashi 40 a wata mai bi, to a Fabrairu za a biya naira 12,780,000 na kayan Fabrairu da 7,120,000 da suka rage na Janairu, jimla 19,900,000. A Maris 21,420,000 za su fita, a shiga Afrilu da bashin 8,600,000. Wanda yake ɗaukowa daga masana'anta kuma sau da yawa biya yake yi kafin lodi, don haka kuɗin robar Fabrairu a Janairu yake barin asusunsa. Wannan jadawalin biya shi ne ake miƙawa ga kasafin shige da ficen kuɗi.

15. Bukatar wata uku kusan tirela ɗaya ce. Ba gara a sauke ta lokaci guda a samu ragi ba?

Lissafi ne zai yanke, kuma teburin tambaya ta 7 ya riga ya ba da abin aunawa. A ce dila ya yi ragin kashi 3 ga wanda ya ɗauki kilo 30,300 a Janairu. Ragin naira 1,818,000 ne. A ɗaya ɓangaren, kuɗin Fabrairu, 21,300,000, zai fita wata ɗaya kafin lokacinsa, na Maris, 21,500,000, wata biyu kafin lokacinsa. Idan jarin yana cin ka kashi 2 a wata, ko ribar da banki ya ɗora ce ko abin da kuɗin zai samar a wani wuri, na farko ya ci 426,000, na biyu 860,000, jimla 1,286,000. Ribar da ta rage kusan naira 530,000 ce, kafin a cire kuɗin wurin da zai ɗauki buhu 1,212, gadi, da buhunan da za su yage.

Abubuwa biyu ne suke iya juya wannan amsa. Farashin roba yana bin farashin ɗanyen mai da canjin dala, don haka idan ya tashi a cikin watannin mai tirela ya ci riba, idan ya faɗi ya riƙe kaya masu tsada alhali abokan takararsa suna saye da arha. Sannan hasashen Maris shi ne mafi rauni a cikin ukun, kamar yadda tambaya ta 12 ta nuna. Idan ya gaza da dozin 1,000, kusan kilo 2,000 na robar da aka biya tun Janairu za su zauna har Afrilu. Idan an yanke a sauke tirelar, a rubuta ta a kasafin yadda take: sayayyar Janairu kilo 30,300, Fabrairu da Maris sifili, ragowar ƙarshen Janairu 24,000, ta Fabrairu 13,600, ta Maris 2,200.